Sunan Alhaji a Ƙarshen Shiri

Bayan na bar gidan rediyo na dawo Jibiya da zama, da murya da kuma al'adar tashi da wuri, ban da wani abin kirki a aljihu. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina karanta labarai da farashin kasuwa, kuma baki ba ya mance irin wannan aiki. Ban fi wata huɗu a gida ba na fara naɗar shiri na minti goma sha biyar a wayata kowace safiya. Ina faɗin yadda buhun gero da wake da masara suka kwana a Jibiya da Maraɗi, da yadda ake canjin naira da sefa a Magama, bakin iyaka, da halin da hanya take ciki. Ina tura shi ga waɗanda suka nema, su kuma su tura gaba. Direbobi suna saurare, 'yan hatsi suna saurare, har da matan da ke sayar da abinci a tasha.

Shekara biyu na yi haka ba tare da na karɓi ko kwabo ba. Amma shirin yana cin kuɗi. Akwai man babur na zagaya kasuwa da iyaka, akwai data, akwai katin waya da nake tura wa mutum uku da ke ba ni farashi daga tsallake. Duk daga fanshona suke fita, fanshon da yake zuwa lokacin da ya ga dama. Wata rana matata, wadda malamar firamare ce, ta ajiye mini shayi ta ce, "Malam, ba na hana ka ba. Amma albashina ne yake ciyar da gidan nan, naka kuma yana ciyar da mutanen tasha." Ban yi musu ba, don na san gaskiya ta faɗa. Na ce ta ba ni wata uku. In masu saurare ba su ɗauki nauyin man babur da data da katin waya ba, zan rufe shirin.

Da farko na duba tsarin da babban dandalin bidiyo yake da shi, inda mai kallo yake latsa maɓalli ya zama mamba, ana cirar kuɗinsa duk wata. Na karanta sharuɗɗan a tsanake. Sai shafinka ya kai wani adadi na mabiya da na sa'o'in kallo kafin a buɗe maka, dandalin kuma yana ɗaukar kasonsa mai kauri, sannan mai biya sai yana da katin banki da zai yi aiki a can. Mutanena ba kallo suke yi ba, saƙon murya suke ji, wayar tana aljihun gaba, hannu yana kan sitiyari ko ma'auni. Kusan rabinsu ma sefa ke hannunsu. Na rufe shafin.

Wanda na kai wa maganar shi ne taubashina, ɗan ƙanen mahaifiyata, mai shagon POS a Magama. Sa'ana ne, kuma tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba.

"Bawana," in ji shi, "ashe dai yunwa ta iske mai muryar gwamnati. Zauna in koya maka kasuwanci."

"Kai da ko lissafin firamare sai da aka maimaita maka?"

"Shi ya sa na sayi na'ura tana yi mani. Kai mi ka saya?"

A kan bencin shagonsa muka tsara komai cikin yini biyu, ana katse mu da masu cirar kuɗi. Na Najeriya za su tura ta banki ko su biya a shagonsa. Na Nijar za su ba wani ɗan canji da muka yarda da shi, shi kuma ya juya ya kawo. Duk wanda ya biya zan saka shi a guruf na musamman a waya. Wannan ɓangaren bai ba mu wahala ba. Abin da ya ɗauke mu lokaci shi ne me za a ba mutum a madadin kuɗinsa, tunda shirin da ma kyauta yake samunsa.

Taubashina ya kawo shawarar riga da hula masu sunan shirin. Na tambayi mai buga riga a Katsina, na ga kuɗin riga ɗaya ya cinye abin da mamba zai biya na wata da watanni, ban da kai wa Maraɗi. Muka bar wannan. Ya ce to kalanda. Na ce wa ke rataya kalanda a mota? Daga ƙarshe muka tsaya a kan hawa uku. Mai naira ɗari biyar a wata zai shiga guruf, ya samu shirin da ƙarfe bakwai, sauran jama'a sai tara. Mai dubu biyu zai samu wannan, da gaisuwa sau ɗaya a mako. Mai dubu goma kuwa za a ambaci sunansa kullum a ƙarshen shiri a matsayin babban mai ɗaukar nauyi, kuma zan ba shi lambata ta biyu ya kira ni kai tsaye.

Hawa na ukun nan ni na kawo shi, kuma na yi alfahari da shi. Haka muke yi a rediyo. Wanda ya ɗauki nauyin shiri ana faɗin sunansa, da sana'arsa, da inda ake samunsa, a ƙara masa addu'a. Ba ya cin mini ko sisi, numfashi ne kawai.

"Wanga shi ne nama," in ji taubashina. "Bahaushe ya ji sunanai cikin waya? Ai ko jaka nawa ce zai biya."

Watan farko mutane suka shigo fiye da yadda na zata. Yawanci na ɗari biyar ne, da dama na dubu biyu, mutum huɗu na dubu goma. Ɗaya daga cikin huɗun wani Alhaji ne mai sayen wake, dattijo mai sanyin magana, gidansa yana wajen gari ta hanyar Bugaje. Tun makon da na fara shirin yake saurarena. Shi ya fara biya, kuma bai tambayi me zai samu ba.

Alfarmar ƙarfe bakwai ita ta fara mutuwa. A rana ta uku na tura shirin cikin guruf, na hau babur na nufi tasha, na iske muryata tana tashi daga lasifikar wata Hajiya mai sayar da tuwo da safe, mutum kusan ashirin suna tsaye suna ji. Ta biya ɗari biyar ɗinta daidai. Na ce, "Hajiya, ai wannan na 'yan guruf ne sai tara ta yi." Ta dube ni da ludayi a hannu ta ce, "Malam, in ji hanya ba lafiya in yi shiru har tara? Waɗanga yaran yanzu za su tashi." Na juya na koma kan babur. Ko da ba ita, saƙon murya ba ya da ƙofa, wanda ya samu zai tura wa ƙaninsa, ƙanin ya tura wa abokin cinikinsa. Kafin bakwai da kwata ya tsallaka iyaka ya dawo.

Gaisuwa kuwa ta kusa cinye shirin. A rediyo akwai katin gaisuwa da ake saya, kuma katin yana da layuka ƙalilan, in sun cika sun cika. Na mance cewa layukan nan su ne suke tsare mu. Ban sa iyaka ba. Wani direba ya aiko da sunaye talatin da ɗaya, har da surukarsa da mai wankin motarsa. Wani ya kira yana faɗa don an karanta sunan yayansa bayan na ƙaninsa. Wani ya ce na faɗi sunan amininsa ban ce Alhaji ba, alhali ya sauke farali bara. Minti goma sha biyar ya zama talatin da biyar. Saƙon ya yi nauyi, masu ƙaramar data suka daina saukewa, waɗanda suka sauke kuma suna jan shi gaba da yatsa suna neman farashin wake. Ni da nake tashi in rubuta shirin cikin rabin sa'a, na koma ina shafe sa'a biyu ina jera sunaye don kada a ɓata wa kowa.

Lambar waya ta biyu ma ba ta bar ni na huta ba. Ɗaya daga cikin huɗun ya ɗauka ya sayi ni ne gaba ɗaya. Yakan kira ya ce in je in duba masa ko motarsa ta wuce kwastan, ko in yi wa wani jami'i magana tunda an san muryata. Na yi masa bayani sau uku cewa ni farashi nake faɗa, ba na fitar da kaya. A na huɗu ya ce to dubu gomarsa ta me ce.

Sai ƙarshen wata ya zo, da aikin da ban yi tunaninsa ba. Babu na'urar da za ta cire kuɗi da kanta, sai na bi mutum ɗaya ɗaya ina tuni. Wanda bai sabunta ba dole in cire shi daga guruf, kuma manhajar tana rubuta wa kowa cewa wane ya cire wane. Na cire wani dattijo na Daddara bayan kwana goma ina jira. Da yamma ɗansa ya same ni a masallaci ya ce, "Malam, da ka kira ni na biya, da ka tozarta Baba a gaban jama'a." Na ba shi haƙuri, na mayar da dattijon, kuma daga ranar na kasa cire kowa. Guruf ya cika da waɗanda suka biya da waɗanda suka taɓa biya.

Duk da haka kuɗin yana isa. Matata ta daina ƙorafi. Ni ne dai nake kwana da ciwon kai, ina gaya wa kaina cewa gajiya ce kawai, za a saba.

A tsakiyar wata na uku, ranar kasuwa, Alhaji mai wake ya aiko a kira ni. Na same shi a bayan rumfarsa zaune a kan buhu. Ya rame kaɗan. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa, ya ce suna Katsina. Na ce biki ake? Ya ce a'a.

"Malam," ya ce, "alfarma nike nema. Ka daina faɗin sunana."

Na ɗauka wani kuskure na yi a laƙabinsa. Na ce in akwai abin gyarawa ya faɗa.

"Ba ka yi kuskure ba. Daidai kake faɗi, shi ne abin. Sunana, da sana'ata, da hanyar gidana, kullum da safe." Ya ciro wayarsa ya riƙe, bai kunna ba. "Kwana tara ke nan wata lamba ta kira ni. Ban san muryar ba. Ya gaishe ni da kyau, ya ce suna jin labarina, ashe har rediyo nike ciyarwa. Ya ce Allah ya ƙara arziki, za su zo gaisuwa. Ya kashe."

Duk wanda yake zaune a ƙasarmu a shekarun nan ya san irin wannan kira, kuma ya san su wa ke yin sa. Mutanen daji, masu satar mutane don kuɗin fansa, suna da wayoyi kamar kowa, kuma suna son sanin halin hanya fiye da kowa. Na san haka. Ina faɗin halin hanyar nan kullum, ina sanin dalilin da ya sa ake tambaya. Amma ban taɓa haɗa wannan da jimlar da nake rufe shiri da ita ba. Kwana saba'in da wani abu ina sanar da duk mai waya tsakanin Jibiya da Maraɗi cewa ga wani mutum da yake da rarar dubu goma duk wata, ga abin da yake saya, ga hanyar da yake bi ya koma gida. Da muryar labarai nake faɗa, a fili, yadda aka koya mini don kada kalma ɗaya ta ɓace.

Ban san ko shirina ne ya jawo kiran ba. Alhaji sananne ne a kasuwa tun kafin ni, shi ma ya faɗi haka don ya sauƙaƙa mini. Amma mai kiran ya ambaci rediyo.

Na ce zan mayar masa da kuɗinsa duka. Ya girgiza kai.

"Ni ba suna na saya ba, Malam. Kai ka ƙara mani shi, na ji kunyar in ce ban so. Ni abin da nike so, in san yadda wake ya kwana Maraɗi kafin in ɗora ma mota. Shekara biyu kana ba ni wannan ban ba ka komi ba. Zan ci gaba da biya. Ka dai bar ni in ɓace."

Daga kasuwa na wuce Magama. Taubashina ya ga fuskata ya fara, "Bawana, wa ya mutu?" Da na gaya masa sai ya ajiye na'urar, ya sallami wanda ke gabansa. Sannan ya ce, "Guruf ɗin ma. Kowa na ganin lambar kowa." Wannan ma ban lura da shi ba. Duk wanda ya ba da ɗari biyar zai iya buɗe jerin mambobi ya kwashi lambar Alhaji da ta sauran ukun, kuma ni ban san fuskar rabin waɗanda na saka ba.

Washegari shirin ya fita ba sunan kowa. Na kira biyu daga cikin sauran ukun na gaya musu dalili ba tare da na ambaci Alhaji ba. Ɗaya ya gode. Ɗaya ya ce shi ba ya tsoron kowa, in ba za a faɗi sunansa ba a ba shi kuɗinsa, na ba shi. Mai maganar kwastan da ma ya riga ya tafi.

Mako guda na ɗauka ina kiran mambobi, wannan karon ba don tuni ba. Tambaya ɗaya nake yi: a cikin abin da na ba ka, wanne ka yi amfani da shi? Da na yi wannan tambayar tun kafin mu zauna a benci, da na huta. Amsoshin ba su da yawa. Masu gaisuwa gaisuwa suke so, kuma sun faɗa ba kunya. 'Yan hatsi da direbobi kuwa kusan abu ɗaya suka ce: akwai kayan da ba na faɗin farashinsu, su kuma su suke saye. Wani riɗi, wani aya, wani taki. Hajiya mai tuwo ta ce, "Ni dai don kada ka bari na biya. In ka bari, mi za mu ji da safe?"

Na rushe guruf ɗin. Na koma jerin aikawa, wanda saƙo yake isa ga kowa shi kaɗai, ba mai ganin lambar wani, kuma in na cire mutum ba wanda zai sani. Sharaɗinsa sai mutum ya ajiye lambata a wayarsa kafin saƙon ya shiga, wannan kaɗai ya ci mini kwana huɗu na bayani. Na soke hawa uku na bar ɗaya, naira dubu a wata, wanda ya so ya ƙara ya ƙara, ba abin da ƙarin zai saya masa. Shirin yana fita ga kowa da ƙarfe bakwai. Labarin hanya ba na sayarwa ba ne, kuma ina jin kunyar cewa na taɓa sa masa jinkirin sa'a biyu. Abin da mamba yake samu guda ne: ya aiko da sunan kaya ɗaya a mako, in bincika masa farashinsa a kasuwannin da nake da mutane, in haɗa amsoshin a saƙo ɗaya ranar Asabar, kafin kasuwa. Wannan yana cin katin waya da ɗan lokaci, amma na auna shi, zan iya ɗauka ko da mambobin sun ninka.

Gaisuwa ta tafi gaba ɗaya, masu ita ma suka tafi da ita. Direban nan mai sunaye talatin da ɗaya ya tare ni a tasha ya ce na zama kamar gidan gwamnati, ba a san mutum ba. Na ce ya yi haƙuri. Fiye da rabin mambobi ba su sabunta ba. Taubashina ya ce, "Ka yanka saniyar da ke ba ka nono, bawana." Na ce nonon ne yake jawo kura. Ya ce wannan ba maganar mai ilimi ba ce, ya ba ni ruwan sanyi.

Da wata ukun suka cika na zauna da matata na gaya mata yadda abin yake. Abin da ke shigowa yana biyan man babur da data da katin mutanena uku. Ba ya biyana, ko na sabulu. In farashin mai ya sake tashi, ba zai isa ba. Ta ce, "Abin da ka ce ke nan tun farko, man babur da data da kati." Na ce haka ne. Ta ce, "To ka ci gaba. Amma ka daina rubuta shiri a kan tabarmar cin abinci."

Shirin ya koma minti goma sha biyar. A ƙarshensa nakan ce muna godiya ga waɗanda suka tallafa, sun san kansu. Har yanzu akwai ɗan gurbi a wurin, inda bakina ya saba ɗaukar numfashi don ya fara jero laƙabi, sai in wuce shi in yi sallama.

Alhaji bai mayar da iyalinsa gida ba. Ya bar rumfar a hannun ƙaninsa, yana zuwa kasuwa jefi-jefi, ba ya faɗin ranar da zai zo. Na gan shi sau biyu tun daga lokacin, mun gaisa a tsaye. Duk farkon wata dubu gomarsa tana shigowa ta shagon taubashina, a hannun mutum daban kowane karo, ba takarda, ba saƙo. Bai taɓa aiko da tambayar ranar Asabar ba. Farashin wake da ma yana cikin shirin kowa, shi nake fara karantawa.